Gyaran Wasiƙar Amincewa Bisa Sharaɗi: Yadda Kwamitin Ɗa'ar Bincike Ke Fayyace Abin da Yake So

Duk binciken lafiya da za a yi a kan mutane, ko gwajin magani ne, ko ɗibar jini, ko tambayoyi kawai, sai ya bi ta hannun kwamitin ɗa'ar bincike kafin a fara shi. Kwamitin yakan ƙunshi likitoci da masana kimiyya da masanin shari'a da wakilin jama'ar gari, kuma aikinsa shi ne ya tabbatar ba a cuci waɗanda za a yi binciken a kansu ba. Bayan ya zauna ya duba takardun mai bincike, hukuncinsa yakan faɗa cikin ɗayan uku: ya amince kai tsaye, ko ya ƙi, ko kuma ya ce zai amince idan an yi wasu gyare-gyare. Wasiƙar da ke ɗauke da wannan hukunci na uku ita ake kira wasiƙar amincewa bisa sharaɗi, kuma ita ce ta fi wuyar rubutawa, domin sai ta faɗi abin da ake so a gyara ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ta ci fuskar wanda aka rubuta wa ba.

Matsayin wasiƙar

Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1964, ita ce a gyaran da aka yi mata a 1975 ta shigo da ƙa'idar cewa wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin bincike kafin a fara. A Najeriya batun ya ƙara nauyi bayan gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda aka shafe shekaru ana shari'a a kan yardar iyaye da kuma sahihancin takardar izinin da aka gabatar. A 2007 aka fitar da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba kwamitin ƙasa, wato NHREC, tushe a doka. Kwamitocin asibitocin koyarwa da jami'o'i da ma'aikatun lafiya na jihohi a ƙarƙashinsa suke yin rajista.

Saboda haka wasiƙar kwamiti takardar hukuma ce. Masu ba da kuɗin bincike suna neman ta, mujallun kimiyya suna tambayar lambarta, kuma idan wata matsala ta taso bayan shekaru, ita za a ɗauko a ga me aka ce a yi, me aka yi. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa irin waɗannan kwamitoci a 2000 ta ce a sanar da hukunci a rubuce, zai fi kyau cikin mako biyu da zaman, kuma idan hukuncin na sharaɗi ne a bayyana abin da ake buƙata da hanyar da za a bi a sake dubawa. A Najeriya da Turanci aka fi rubuta waɗannan wasiƙu, a Nijar kuma da Faransanci. Misalan da ke tafe da Hausa suke, amma ƙa'idar ɗaya ce ko da wane harshe aka rubuta.

Inda daftarin farko ke samun matsala

A ɗauki misalin wata ɗalibar digiri na biyu da ke son auna yawan ƙarancin jini a tsakanin mata masu zuwa awon ciki a ƙananan asibitoci uku na wata ƙaramar hukuma. Za ta yi musu tambayoyi, ta ɗebi jini kaɗan, ta auna sinadarin himoglobin. Kwamiti ya zauna, mutum biyu da aka ba takardun sun karanto ra'ayinsu, an tattauna, an yanke cewa za a amince idan an gyara wasu abubuwa. Sakatare ya tattara abin da aka faɗa, ya fitar da daftari kamar haka:

"Kwamiti ya lura cewa takardar neman yardarku ba ta da inganci kuma ba ku yi la'akari da matakin ilimin matan ba. Batun sirri ma bai gamsar ba. Ba a san abin da za ku yi da masu ƙarancin jini ba, ga kurakuran rubutu da yawa, kuma da ma an ƙara yawan asibitocin. Shin har da 'yan ƙasa da shekara 18? A gyara a dawo da shi da wuri."

Duk abin da ke cikin wannan sakin layi an faɗe shi a zaman, amma wadda aka aika wa ba za ta iya aiki da shi ba. Ba ta san ko gyare-gyaren huɗu ne ko shida ba. Ba ta san wane shafi ne na takardar yarda ke da matsala ba. Ba ta san ko ƙara asibitoci dole ne ko ra'ayin wani ne kawai ba, alhali ƙara asibiti ɗaya na iya ninka mata kuɗin zirga-zirga. Ba a gaya mata ko za ta iya fara tambayoyi kafin a gama gyaran ba. Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya yi aiki a ofishin kwamiti: ta gyara abin da ta zata ana nufi, ta dawo da takardu, a ce ba haka ba, ta sake komawa. Wata biyu ko uku sukan tafi a haka. Mafi muni kuma, babban batun da ya shafi rayuwar matan, wato abin da za a yi wa wadda aka samu jininta ya yi ƙasa sosai, ya nutse a tsakiyar jimla tare da kurakuran rubutu.

Mataki na farko: komawa ga rahoton zama

Mai gyaran wasiƙa, ko sakatare ne ko shugaban kwamiti, ba daga daftarin yake farawa ba. Rahoton zaman yake ɗaukowa, domin abin da kwamiti ya zartar shi ne hukunci, ba duk abin da wani ya furta a tattaunawa ba. Wannan ita ce iyakar ikonsa: yana iya sauya lafazi da tsari, amma ba ya ƙara sharaɗin da ba a zartar ba, ba ya sauke wanda aka zartar, ba ya kuma sassauta shi don jin nauyin mai binciken. Idan rahoton bai fito fili ba, sai ya koma wa shugaba da waɗanda suka duba takardun ya tambaye su ainihin abin da aka tsayar.

Daga nan sai ya raba maganganun kashi uku. Akwai sharaɗi, wanda in ba a cika shi ba babu izini. Akwai tambaya, inda kwamiti ke neman ƙarin bayani. Akwai kuma shawara, wadda mai bincike na iya ɗauka ko ya bari. A misalin nan, rahoton ya nuna cewa harshen takardar yarda, da tsare sirri, da kula da masu tsananin ƙarancin jini sharuɗɗa ne. Batun shekaru tambaya ce. Ƙara asibitoci shawarar mutum ɗaya ce, kwamiti bai ɗaure kowa da ita ba. Kowane kashi yana samun nasa kan magana a wasiƙar, kuma a ƙarƙashin shawarwari a rubuta ƙarara cewa ba dole ba ne.

Gaɓoɓi huɗu na kowane sharaɗi

Sharaɗin da aka rubuta da kyau yana amsa tambayoyi huɗu. A ina matsalar take, wato wace takarda, wane shafi, wane sashe? Me ake so a yi? Saboda me? Kuma me za a kawo wa kwamiti ya ga an yi? Kowane sharaɗi yana da lambarsa, kuma lamba ɗaya aiki ɗaya take ɗauka. Idan aka cusa ayyuka uku a lamba ɗaya, galibi biyu ake yi a manta na uku. Ana jera su bisa nauyi, abin da ya shafi lafiyar mutane a sama, gyaran rubutu a can ƙasa.

Ga yadda sharaɗin farko zai fito bayan gyara:

"1. Kundin bincike, sashe na 6, shafi na 11. Muna roƙon ku ƙara bayanin abin da za a yi wa duk matar da aka samu himoglobin ɗinta ƙasa da giram 7 a kowace desilita. Kwamiti ya tsayar cewa a sanar da ita da ma'aikaciyar awon ciki a ranar da sakamako ya fito, a kuma tura ta babban asibiti da takarda. Dalili shi ne wannan mataki ne na tsananin ƙarancin jini da ke buƙatar kulawar gaggawa. Ku haɗo da kwafin takardar turawar da za ku yi amfani da ita."

Adadin da aka ambata ba ƙagen kwamiti ba ne. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai juna biyu da himoglobin ɗinta ya gaza giram 7 tana cikin matsanancin ƙarancin jini. Sa adadin a wasiƙa yana rufe ƙofar musu, domin da an ce "masu ƙarancin jini" kawai, mai binciken za ta iya zaton ana nufin duk wadda ta gaza giram 11, wanda zai iya zama kaso mai yawa na matan, ta ga abin ya fi ƙarfinta.

Maganar "takardar yarda ba ta da inganci" kuwa, da aka bincika rahoton sai ta rabu gida uku, kowanne da lambarsa:

"2. Takardar neman yarda, gaba ɗayanta. Muna roƙon ku kawo fassarar Hausa, tare da wata fassarar da wani mutum daban ya mayar daga Hausar zuwa Turanci, don kwamiti ya tabbatar ma'ana ba ta sauya ba.

3. Takardar neman yarda, shafi na 2, sakin layi na 3. A faɗi yawan jinin da za a ɗiba da ma'aunin da matan suka sani: mililita 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, sau ɗaya tak.

4. Takardar neman yarda, shafin ƙarshe. A ƙara gurbin dangwala yatsa ga wadda ba ta rubutu, da gurbin sa hannun shaida wanda ba ya cikin ma'aikatan binciken."

Kowanne daga cikin ukun abu ne da za a iya dubawa a ce an yi ko ba a yi ba. Wannan shi ne ma'aunin da mai gyara ke gwada kowace jimla da shi. Kalmomi irin su "a inganta", "a ƙara haske", "a sake dubawa" ba sa cin wannan jarrabawa, domin babu wanda zai iya nuna inda ingantawa ta ƙare. Inda kwamiti ya riga ya san jimlar da yake so, ya fi sauƙi ya rubuta ta. Misali, zai iya cewa a saka wannan a shafi na 3: "Idan kin ƙi shiga, ko kin fita daga baya, za a ci gaba da yi miki awo kamar yadda aka saba." Wannan jimla tana da nauyi a wurin da ma'aikaciyar da ke neman yardar mace ita ce kuma ke duba cikinta, domin kunya da tsoron ɓata wa malamar asibiti rai na iya sa mace ta ce to alhali ba ta so.

Batun sirri shi ma haka yake. Maimakon "bai gamsar ba", sai a rubuta cewa a cire gurbin suna da lambar waya daga takardar tambayoyi, a sa lambar sirri a madadinsu, a ajiye jerin da ke haɗa suna da lamba a wani wuri daban da ake kullewa, a kuma faɗi wanda ke da mabuɗi da tsawon lokacin da za a ajiye shi. Ana iya nuna cewa bayanan lafiya na cikin waɗanda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba kariya ta musamman. Ambaton dalili irin wannan yana nuna wa mai bincike cewa sharaɗin ba son ran wani ba ne.

Lokacin da sharaɗi ya fi ƙarfin wasiƙar

Tambayar shekaru ita ce ke buƙatar taka tsantsan. A asibitocin awon ciki na karkara akwai matan aure da ba su kai shekara 18 ba. Idan mai binciken ta amsa cewa ba za a sa su ba, sai ta gyara sashen da ke bayyana waɗanda za su shiga, magana ta ƙare. Idan kuma ta ce za a sa su, to sababbin tambayoyi sun taso: wa zai ba da yarda, ita ko mijinta ko iyayenta, kuma wace ƙarin kariya za a yi musu? Wannan ba abin da sakatare ko shugaba shi kaɗai zai duba ya sa hannu ba ne.

A nan ne bambancin amincewa bisa sharaɗi da ɗage hukunci yake. Ofishin kare mutanen da ake bincike a kansu na Amurka ya fitar da jagora a kan wannan a 2010, kuma ma'anarta a taƙaice ita ce: kwamiti yana amincewa bisa sharaɗi ne idan ya riga ya gamsu cewa binciken zai cika ƙa'idoji da zarar an yi takamaiman gyaran da ya faɗa. Idan kuwa sai ya ji amsa kafin ya iya auna haɗari da amfani, to bai amince ba tukuna, ɗagewa ya kamata ya yi. Mai gyaran wasiƙa da ya ga tambaya irin wannan ba ya ɓoye ta a cikin jeri. Yana rubuta ta da rassanta biyu: in amsar a'a ce, a gyara sashe na 4 a dawo da shi tare da sauran, in e ce, a kawo tsarin neman yardarsu, kuma wannan ɓangare zai koma gaban cikakken kwamiti a zama na gaba. Idan ya ga yawancin abubuwan da ke wasiƙar irin wannan ne, sai ya ja hankalin shugaba cewa wataƙila sunan da aka ba hukuncin bai dace da abin da ke cikinsa ba.

Ladabi ba tare da ɓoye umarni ba

Hanya mafi sauƙi ta tsare mutuncin mai bincike ita ce a yi magana a kan takarda, a bar mutum. "Ba ku yi la'akari da matakin ilimin matan ba" zargi ne a kan niyya da hankali. "Takardar da aka kawo da Turanci kawai take, yawancin matan kuwa Hausa suke ji" bayanin abin da ke gaban kowa ne, kuma ba wanda zai ji an muzanta shi. Kalmomin hukunta hali, irin su sakaci, rashin kulawa, ko "abin mamaki ne", ba su da gurbi. Haka nan ba a ambaton sunan ɗan kwamitin da ya kawo wani batu, domin hukuncin na kwamiti ne baki ɗaya, kuma ambaton suna yakan jawo a bi shi gida ana roƙo ko ana ƙorafi.

Sai dai akwai kuskure a ɗaya gefen, wanda kara da kawaici ke jawowa, musamman idan mai binciken farfesa ne, sakataren kuma tsohon ɗalibinsa. A irin wannan hali akan ga an rubuta "da za a duba yiwuwar ƙara shaida, da ya yi kyau" a wurin da kwamiti ya ce dole ne. Farfesan ya karanta ya ɗauka shawara ce, ya bar ta, sannan a dawo masa da takardu, abin da ya fi ci masa fuska fiye da a ce an gaya masa tun farko. Girmamawa tana cikin gaisuwa, da kiran mutum da muƙaminsa, da amfani da "ku", da "muna roƙo", da bayyana dalili. Ba ta cikin rage ƙarfin umarni. Lafazin da aka yi wa ɗaliba shi za a yi wa farfesa.

Godiya ko yabo, in za a yi, a yi shi gajere kuma na gaskiya. Jimla ɗaya ta isa, kamar cewa kwamiti ya ga amfanin binciken ga lafiyar mata masu juna biyu a yankin. Dogon yabo kafin jerin gyare-gyare yakan sa mai karatu ya zaci an riga an amince.

Kai da ƙafar wasiƙa

A saman wasiƙa ana sa cikakken sunan binciken, da lambar da kwamiti ya ba shi, da ranar zaman, da jerin takardun da aka duba, kowacce da lambar bugunta da kwanan watanta. Wannan jeri yana hana rikicin da ke tasowa idan mai bincike yana da kwafi uku na takardar yarda a kwamfutarsa, ya gyara wanda kwamiti bai taɓa gani ba. Bayan gaisuwa, sakin layi na farko ya faɗi hukunci kai tsaye, sannan ya biyo da jimlar da ba a taɓa barin ta: wannan wasiƙa ba izinin farawa ba ce, kada a ɗauki kowa, kada a ɗebi jini, kada a yi tambayoyi, sai an karɓi wasiƙar amincewa ta ƙarshe. Kalmar "amincewa" da ke kan wasiƙar takan ruɗi masu gaggawa, kuma bayanan da aka tara kafin izini na iya zama asara gaba ɗaya.

A ƙasa kuma ana bayyana yadda za a dawo da amsa. Mai bincike ya rubuto takarda yana bin lambobin ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin abin da ya gyara da shafin da gyaran yake. Ya kawo kowace takarda kwafi biyu, ɗaya da alamar wuraren da aka taɓa, ɗaya tsaf, da sabuwar lambar bugu da sabon kwanan wata. A faɗi ranar ƙarshe ta karɓar amsa da kwanan wata, bisa wa'adin da ke cikin dokokin kwamitin, maimakon "da wuri", a kuma faɗi abin da zai faru in ranar ta wuce. A bayyana wanda zai duba amsar, shugaba ne ko cikakken kwamiti. A kuma buɗe ƙofa: idan mai bincike yana ganin wani sharaɗi ba zai yiwu ba, ko zai lalata binciken, yana da damar rubuto hujjarsa. Kwamiti ma yakan yi kuskure, kuma wani lokaci mai binciken ya fi shi sanin wurin da zai yi aiki.

Dubawar ƙarshe

Kafin shugaba ya sa hannu, ana jera wasiƙar kusa da rahoton zama a ƙirga: duk sharaɗin da aka zartar ya fito, kuma babu baƙo a ciki. Ana buɗe takardun mai bincike a tabbatar lambobin shafi daidai ne, domin shafin da aka ambata bisa kuskure yana ɓata lokaci kamar wanda ba a ambata ba. Ana duba ko sharuɗɗa biyu sun ci karo, kamar wani ya ce a taƙaita takardar yarda, wani kuma ya ce a ƙara mata abubuwa huɗu. Irin wannan sai a mayar wa shugaba ya warware. Ana kuma bin sawun kowane gyara zuwa sauran takardu, domin in an sauya yawan jini a takardar yarda, dole ya sauya a kundin bincike da fassarar Hausa. Daga ƙarshe ana ba wani ma'aikacin ofis da bai halarci zaman ba ya karanta, a tambaye shi gyare-gyare nawa ne dole, kuma me zai kawo a kan kowanne. Idan amsarsa ta yi daidai da rahoton zama, wasiƙar ta isa fita. Idan ya tsaya yana tambayar me ake nufi da lamba kaza, wannan lambar ce za a sake rubutawa.